Minti Ɗaya Kafin Tafinta Ya Miƙe

Tun tana ƙarama ba a taɓa wahalar neman Malama ba, domin kafin ka gan ta ka riga ka ji ta. Yayyenta Aku suke ce mata. A makarantar firamaren da take koyarwa kuwa, duk ranar da lasifika ta lalace ba wanda yake damuwa, ita ake miƙa wa taron safe. Amma wanda ya fi kowa tsokanarta shi ne babanta, tsohon mai gyaran agogo, wanda yake kiranta Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Yakan ce duk agogon da aka kawo masa ya san inda ake taɓawa ya tsaya, ban da Uwata.

Rana ɗaya yana zaune a bakin teburinsa, gilashin nan na ido ɗaya a maƙale, sai hantsaki ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai kira Inna, matarsa, abin ya ƙi fita. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka dage da zuwa gashin ƙashi a asibiti, ƙafar ta dawo har yana takawa da sanda, hannun ma ya ɗan saki. Maganar ce ta zama abin da ta zama. Da farko ya yi ta ƙoƙari, ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa na rawa. Malama kuwa ba ta iya ganinsa a haka. Da ya fara sai ta tare, "Ruwa, Baba? Fanka? A kira Inna?" Takan jero masa abubuwa har ya gyaɗa kai a kan ɗaya. Ita a ganinta sauƙi take yi masa, kuma Allah ya sani don ƙauna take yi. Sannu a hankali Baba ya daina buɗe bakin gaba ɗaya. Sai ya zauna da wani tsohon agogon aljihu a hannun hagu, yana kallon tsinken sakan yana zagayawa.

Matar da take koyar da magana a sashen gashi na asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ita ta ja Malama gefe.

"Maganar tana nan, Malama. Ba duka ba, amma tana nan. In ya ɗauka ba kowa a ɗakin, ina jin shi yana gwada sunayen abubuwa ƙasa-ƙasa. Shi ya rufe ƙofa da kansa. Yanzu ma ya nuna mini ba zai ƙara zuwa darasina ba."

"To ya za mu yi, Sista?"

"Taronmu na wata-wata, na majinyata da masu jinyarsu. Na samo baƙo. Wani dattijo ne, tafinta ne a kotu kafin irin ciwon nan ya same shi. Nasa ya fi na Baba tsanani, amma yanzu yana magana. In Baba ya ga mutum ya fito, wataƙila ya yarda akwai ƙofa. Ke nake so ki gabatar da shi."

Malama ta yi dariya. Gabatar da baƙo? Ita da take riƙe ɗaruruwan yara a tsaye cikin rana? Abin nema ya samu.

"Kada ki wuce minti ɗaya," in ji Sista.

"Minti ɗaya ai gaisuwa ce kawai."

"Je ki gan shi tukuna. Amma ki sani, in ya miƙe a gaban Baba ya rasa ta cewa, to mun ƙara wa ƙofar kwaɗo. Kin fi ni sanin halin babanki."

Ta sani kuwa. Baba mutum ne da in ya ce agogo ya mutu, ba ya ƙara buɗe bayansa.

Ta sami Tafinta a falonsa, dogon mutum siriri, gefen bakinsa ya ɗan karkace, littattafai jere har kusa da rufi. Matarsa ta kawo shayi ta zauna gefe da saƙarta. Malama ta gaishe su, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta ce ta ji labarin harsunan da yake ji da manyan shari'o'in da ya tsaya a kansu, kuma za ta tabbatar kowa ya san wane ne ya zo musu.

Tafinta ya saurare ta har ta kai aya. Sannan ya ce, "'Yata. Ina so... ki..."

"In faɗi tarihinka tun daga farko?"

Ya girgiza kai.

"In fara da aikin kotu?"

Sai ya ɗaga tafin hannunsa na hagu, ya tsayar da shi a tsakaninsu. Ba faɗa a fuskarsa, amma hannun bai sauka ba. Malama ta yi tsuru-tsuru. Fanka na juyawa, tsinken saƙar matar na ta ƙas-ƙas, shayi na hucewa. Ta ji shirun yana yi mata ƙaiƙayi har tafin ƙafa.

"...bar mini... labarina," ya ƙarasa.

Ba abin da ta yi tsammani ba ke nan, ko kusa.

Matar ta ajiye saƙa ta yi mata bayani, shi kuma yana gyaɗa kai. An taɓa gayyatarsa wani taro a baya. Mai gabatarwa ya karɓi makirufo, ya gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya ce baƙon ba ya bukatar gabatarwa, sannan ya shiga gabatar da shi. Ya lissafa makarantu da muƙamai da harsuna, ya ba da labarin ranar da ciwon ya kayar da shi, da yadda ya warke, har da hawayensa. Kafin ya gama, jama'a sun ji komai, ba sauran abin jira sai kallon tausayi.

"In baƙo bai bukaci gabatarwa ba, me ya tayar da mai gabatarwar?" in ji matar. "Amma ba wannan ne babban abin ba. Malam, faɗa mata."

"Jimlar... farko," in ji Tafinta. Ya dunƙule hannu kamar mai ɗibar ruwa. "Ina riƙe ta... nan. In ta fita... sauran... suna bi. In aka daɗe..." Ya buɗe yatsunsa.

"Ranar nan ta zube," in ji matar. "Ya miƙe, ya tsaya, ya duba, babu. Aka fara jefo masa kalmomi daga kowane gefe, kowa da tasa. Ya koma ya zauna. Bai ƙara yarda ya fita taro ba sai yanzu da Sista ta roƙe shi. To kin ji dalilin minti ɗaya, ƙanwata. Daga sanda kika miƙe zai ɗebi jimlarsa ya riƙe. Iya abin da zai iya riƙewa ke nan."

Malama ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa ba kamar yadda ta shigo ba, "To Malam, ta wace hanya maganar ta dawo?"

Ya yi murmushi da rabin bakinsa. "Sai... a can."

Ta tambaye shi yadda yake so a kira sunansa. Ya faɗa, ta maimaita har sau biyu ya gyara mata, ya ce kada ta ɗora masa komai a gaba ko a baya.

A hanyar gida abin ya tsaya mata a rai. An ba ta baƙo, an ƙwace duk abin da ake yabon baƙo da shi. Ba kotu, ba harsuna, ba labarin ciwo. Kuma ta san mutanen taron nan. Sun sha jawaban likitoci har sun ƙoshi. Masu jinya a gajiye suke zuwa, ido na kan ƙofa, majinyata kuwa zaman kujera na cin ƙugunsu. Irin waɗannan mutane za ta sa su zauna su jira mutumin da yake ɗaukar kalma ɗaya-ɗaya, kuma su jira da marmari, ba da tausayi ba.

A ɗakin Baba take gwaji bayan ta taso daga makaranta, don can ne ba mai katse ta, kuma ta ɗauka hankalinsa ba ya wurin. Ta tsaya gaban madubin kabad ta fara. Tana tsakiyar gaishe da manyan baƙi sai ta ji ƙwas, ƙwas. Ta waiwaya. Baba ne yake buga farcensa a gilashin agogon aljihu, bai ko ɗago ya dube ta ba.

"Har minti ya cika, Baba?"

Ya ɗaga gira.

Murna ta kama ta. An daɗe rabon da Baba ya sa kansa cikin wani abu. Daga ranar ya zama alƙalinta, kuma alƙali marar sassauci. Ta zubar da gaisuwar manya, ta ce Ciyaman na ƙungiyar masu jinya ya yi ta tun a buɗe taro, aikinsa ne. Ƙwas, ƙwas. Ta zubar da "gwarzo" da "babu kamarsa", domin ta gane duk yabon da ta ɗora kaya ne Tafinta zai ɗauka ya miƙe da shi. Ƙwas, ƙwas. Ta zubar da ɗan barkwancin da ta fi so, wanda a kanta yake, ba a kan baƙo ba. Wannan ya yi mata ciwo.

Abin da ya rage sai ta auna shi da abin da ta sani a aji. Yaro ba ya nutsuwa don an ce masa darasi yana da amfani. Yana nutsuwa ne in ka shigo da kwali a rufe ka ajiye a kan tebur ka ƙi buɗewa. To mutanen nan, me ya haɗa su da wannan magana? Me ya sa wannan mutum ne zai faɗe ta ba wani ba? Me zai ba su wanda ba su da shi? In ta amsa biyun farko ta bar na ukun a rufe, ta gama aikinta. Sunan kuma sai a ƙarshe, tunda da an ji suna ake tafi, duk abin da ya biyo baya tafin ya cinye shi. Ta haddace, don mai kallon takarda ba ya kallon mutane.

Wani abu guda ne ta ɓoye wa Baba ba ta gwada a gabansa ba. Ita kanta tsoronsa take ji.

Ranar taron an tura sandunan koyon tafiya jikin bango, an jibge manyan ƙwallayen roba a lungu, an jera fararen kujeru a gaban dogon madubin ɗakin gashi. Kekunan majinyata suna sahun gaba. Ɗakin na warin man zafi. Malama ta zo da wuri, ta gwada makirufo, ta ɗaga shi daidai tsayin Tafinta, ta matso da kujerarsa kusa yadda taku kaɗan zai kai shi, ta ajiye ruwa ta gefen hagunsa. Baba da ƙyar ya yarda ya zo, kuma ya ƙi sahun gaba. Ya zauna can gefe kusa da ƙofa, Inna na kusa da shi, sandarsa tsakanin gwiwoyi, irin zaman mutumin da bai yi alkawarin kai ƙarshe ba.

Ciyaman ya buɗe taro, ya yi gaisuwa, aka yi sanarwa. Tun nan ɗakin ya fara gundura. Wata mata na ba mijinta magani, wani na danna waya, yara biyu na leƙen kansu a madubi. Ana cikin haka sai ga shugaban asibitin ya shigo da mutanensa, aka yi ta jan kujeru. Ciyaman ya sunkuyo kan Malama, gumi na zubo masa.

"Malama, kin ga babban likita ya zo. Dole ki ambace shi da muƙarrabansa. Ga kuma tarihin baƙon, na sa an bugo mini." Ya tura mata takardu.

"Ranka ya daɗe, kai za ka yi masa maraba, yanzu, kafin in miƙe. Ka ɗauki duk lokacin da kake so. In na miƙe kuma, ba mai shiga tsakanina da baƙo."

"Haba Malama, a ce mutum mai wannan tarihi..."

"Tarihinsa ne, ranka ya daɗe. Shi zai ba da abinsa."

Ciyaman ya dube ta kamar bai san ta ba, amma ya miƙe ya yi marabar. Ya yi ta da tsawo kuwa, Allah ya saka masa. Tafinta na zaune idonsa a rufe, bai ɗebi jimlarsa ba tukuna. Da Ciyaman ya zauna, Malama ta dubi Tafinta. Ya buɗe ido, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ta ga hannunsa na hagu ya dunƙule a kan cinyarsa. Can kusa da ƙofa ta ji murfin agogon aljihu ya buɗe.

Ta miƙe. Ba ta taɓa makirufo ba, muryarta ta isa. Ta ba Tafinta gefe, ta fuskanci mutane.

"Assalamu alaikum. Duk wanda ke ɗakin nan ya san wani irin shiru."

Sai ta yi shiru.

Wannan ne abin da ta ɓoye. Ta tsaya kawai, bakinta a rufe, hannayenta a gefe. Mai danna waya ya ɗago. Mai ba da magani ta tsaya da cokali a hannu. Kalmomi na tunkuɗo haƙoranta suna neman hanya, ta danne su. Ɗan lokaci ne ƙanƙani, amma ita ta ji kamar an yi shekara.

"Wannan," in ji ta. "Shirun da ke tsakanin buɗe baki da fitowar kalma. Wasunku a cikinsa kuke kwana kuke tashi. Mu masu jinya kuma tsoronsa muke ji, shi ya sa muke saurin cike shi. Baƙonmu ya shiga shirun nan har ƙuryarsa, kuma ya fito. Na tambaye shi ta wace hanya, ya ce ba zai faɗa ba sai a gabanku. Don haka ni ma ban sani ba, tare za mu ji. Abu ɗaya kawai yake roƙo. In ya tsaya, kada kowa ya taimake shi. Kalmar tana hanya."

Ta juyo gare shi, ta faɗi sunansa, tsurarsa, yadda ya koya mata. Ta fara tafi, ɗakin ya ɗauka, masu hannu ɗaya suna bugun hannun kujera. Ba ta zauna ba sai da ya kai gaban makirufo ya dafa tebur. Ba ta ji ƙwas ƙwas ba. Da ta saci kallon ƙofa, ta ga Baba ya rufe agogon, amma ba ita yake kallo ba, dogon mutumin nan yake kallo.

Tafin ya lafa. Tafinta ya buɗe hannunsa a hankali.

"Ni... ba sauri... nake ba."

Wani ya yi 'yar dariya, ɗakin ya saki numfashi. Jimlar ta fita, bai zubar ba. Malama ta gode wa Allah a zuci.

Sauran suka biyo, ɗaya-ɗaya, kamar masu fitowa ta ƙaramar ƙofa. Ya ce aikinsa a da magana ne. Ya ce shi tafinta ne a kotu, baƙin mutane yake zama wa baki a harsuna da dama. Ɗakin ya ɗauki "Allahu akbar" ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa a keke ta kama haɓa. Da Malama ta faɗi wannan tun farko da ya wuce kamar sanarwa. Daga bakinsa kuwa, a wannan tafiyar hawainiya, sai da tsigar jikin mutane ta tashi. Ya ce ranar da ya farfaɗo a gadon asibiti ya nemi harsunan nan duka, bai sami ko sunan matarsa ba.

Ya ce abu biyu suka fito da shi, kuma duka a kotu ya koye su. Na farko, in kalma ta ɓace wa tafinta ba ya tsayar da shari'a, zagayawa yake yi. In ya rasa "kofi", sai ya ce abin shan ruwa. In ya rasa wannan ma, ya nuna da hannu. Ba abin kunya ba ne, in ji shi, kowace ƙofa ka bi, cikin gidan za ka shiga.

"Na biyu... shi ne..."

Nan ya tsaya.

Wannan tsayuwar ba irin na baya ba ce. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Jijiyar wuyansa ta tashi, irin tashin da Malama ta sani sarai. Yatsunsa suka danƙi gefen tebur. Fanka na juyawa. Can waje wani keken marasa lafiya ya wuce yana ƙara, ƙarar ta yi nisa ta ɓace, shi yana nan tsaye. Malama ta san kalmar, ko kuma tana ganin ta san ta, tana nan a kan harshenta da zafinta. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Matar Tafinta na zaune hannunta a kan cinya, fuskarta a sake, kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

Ciyaman ne ya kasa. Bawan Allah, tausayi ya ci ƙarfinsa. Ya karkato gaba, ya buɗe baki, "Wato Malam yana nufin..."

Ƙwas! Ƙwas!

Daga can bakin ƙofa ƙarar ta fito, ta agogon aljihu a jikin ƙarfen sanda. Kowa ya waiwaya. Baba ne, ya ɗago agogon, idonsa a kan Ciyaman, irin kallon da yake yi wa mai son taɓa agogon da bai gama haɗawa ba. Ciyaman ya haɗiye sauran maganarsa.

Daga nan ba wanda ya ƙara motsi. Malama ta yi shekaru tana sa yara shiru, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ba shirun tsoro ba ne, ba kuma na gajiya ba. Ɗaki guda ne cike da mutane, masu lafiya da marasa lafiya har da babban likita, duk sun riƙe numfashi suna tsaye a bakin hanya ɗaya, suna jiran kalma ɗaya ta iso da ƙafarta. Ta hango su a dogon madubin, sahu-sahu, kowa ya ɗan karkato gaba. Ta ji abin ya cika mata ƙirji, wani irin kwarjini da ba ta san shiru yana da shi ba, hawaye suka zubo mata ba ta share ba.

"...jira," in ji Tafinta.

Ba ita ce kalmar da ke bakin Malama ba. Ita "haƙuri" ta tanada.

"Tafintan... da ya riga... mai magana... ƙarya... zai fassara." Ya nuna matarsa. "Ita... ta jira ni. Shayi... ya huce. Ta jira. Da ta ba ni... kalmarta... da har yau... tata nake... yi." Ya dubi sahun masu jinya, ba zargi a idonsa. "Ku ba mu... lokaci. Sannu... ba ta hana... zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji tsohuwar nan ta cikin keke, da nata karkataccen bakin. Wannan kam ba wanda ya hana ta, don ya riga ya kai aya. Tafinta ya yi dariya, ɗakin ya ɓarke da dariya da kuka a haɗe.

Da aka tashi, mutane suka yanyame shi. Babban likita ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Ciyaman ya zo ya ce wa Malama gabatarwar ta yi, sai dai ta ɗan yi gajarta. Sista ta matse mata kafaɗa kawai ta wuce. Ba wanda ya ƙara zancen gabatarwa bayan wannan, duk zancen Tafinta ake yi, kuma ta lura abin bai dame ta ba.

Ta ratsa kujeru ta isa wurin Baba. Inna ta fita neman abin hawa. Bai miƙe ba, yana nan zaune, agogon a rufe a tafin hannunsa. Ta durƙusa za ta gyara masa takalmi, sai ta ji ya ja numfashi, irin jan da ya daɗe bai yi ba. Ta ɗago. Leɓensa na rawa, jijiyar wuyan ta tashi.

Ruwa, Baba? Ka gaji? Mu tafi gida? Duk suka taso mata a jere kamar kullum, har sun iso bakin haƙora. Ta mayar da su. Ta zauna a kan dugaduganta, ta ɗora hannayenta a cinya, ta dube shi. Ana ta tattara kujeru a bayanta. Wani ya kashe fanka. Ta jira.

"U... Uwata."

Muryar ta dushe, ta yi kauri, amma tasa ce. Malama ta danne kukan da ya taso mata, don ta ga bai gama ba. Ya rufe ido, ya buɗe. Gefen bakinsa mai lafiya ya fara ɗagawa, tsohuwar tsokanar nan ta leƙo a idonsa tun kafin kalmomin su iso.

"Ashe... kin iya... shiru."